Godiyar Auta ga Malam Taswira

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan nan? Na san ki, kina kan keken ɗinki tun safe har sai wuyanki ya ƙage, sannan ki ce laifin kujera ne.

Mu nan lafiya, sai dai tarin nan da ya ƙi sakina. Likitan kamfani ya ce in huta da shiga ramin ma'adinai, sun dawo da ni ofis ina zane a kan tebur. Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Doguwar magana a waya tana gajiyar da ni, ga layinmu na bayan duwatsu da yawan yankewa. Rubutu ya fi min sauƙi.

Wata alfarma nake nema. Kin tuna malaminmu na labarin ƙasa, wanda muka laƙaba wa Malam Taswira saboda kullum yana tafe da naɗaɗɗiyar taswira a hammata? An ce ya yi ritaya, yana zaune a layin da ke bayan shagonki. Tun da na samu zama sai ya riƙa faɗo min a rai. Shi ya ɗauko min fom ɗin kwalejin fasaha, shi ya rubuta min takardar shaida, shi ya yi ta sintiri gidanmu har Baba ya yarda in karanci awon ƙasa. Shekara da shekaru ina cin abinci da wannan aikin na safiyo, amma ban taɓa ce masa na gode ba. Abin ya dame ni.

Na rubuta masa 'yar wasiƙa, tana cikin ambulan ɗin nan. Ban manne ta ba, don ki duba min ko akwai kuskure. Ba ni da adireshinsa, kuma in na aika makaranta ba lallai a samu wanda ya san shi ba. Ki kai masa hannu da hannu. Ga abin da na ce, ko da takardar za ta jiƙe a hanya:

"Malam, ni ne ɗan autan kafinta, mai zama kusa da taga. Na daɗe ina son in rubuto maka. Kai ka ɗora ni a kan hanyar da ta kawo ni inda nake yau. Ba don kai ba, da yanzu ina shagon Baba ina feƙe katako. Duk numfashin da na ja sai na tuna da kai. Allah Ya saka maka daidai da abin da ka yi min."

Na san ta yi gajarta. Na yaga uku kafin ita. Mutumin da ya saba rubuta lambobi, in aka ce ya rubuta abin da ke ransa sai hannu ya yi nauyi.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, baya yana nan yadda ka san shi. Saƙonka ya iso, na karanta, kuma ban kai ba.

Wai tari ne ya ƙi sakinka. Ni za ka yi wa wannan? Ni da na goya ka? Na kira matarka ranar da takardar ta zo, na matsa mata har ta fashe da kuka. Ta faɗa min komai. Ta ce da farko sun ɗauka tarin fuka ne, ka sha magani wata da watanni babu sauƙi. Ta ce da aka sake ɗaukar hoton ƙirji sai likitan huhu ya ce ƙurar dutse ce ta yi maka tabo a ciki, kuma tabon ba ya gogewa, sai dai a lallaɓa. Ta ce matakalar ofishinku ma sai ka tsaya a tsakiya ka dafa bango. Ta ce an kawo na'urar iska gida, kana kwana da roba a hanci. Wannan ne "mu nan lafiya"?

Da na gama da ita sai na sake ɗauko wasiƙar Malam, sai na gane abin da kake nufi. "Hanyar da ta kawo ni inda nake yau." "Duk numfashin da na ja." "Daidai da abin da ka yi min." Auta, in magana za ka faɗa wa mutumin nan, ka faɗa masa kai tsaye, ka daina naɗe ta cikin ladabi. Ka rubuta cewa ya raba ka da shagon ubanka ya tura ka cikin rami. Wannan zan kai da gudu, ko takalmi ba zan tsaya sawa ba.

Kai kana yaro lokacin, ni ce mai kawo musu ruwa in ya zo. Ina jin Baba yana cewa, "Malam, yaron nan yana da hannun aikin katako, ka bar min shi." Shi kuma yana cewa, "Kansa ya fi hannunsa, kada ka binne shi a cikin garin katako." To ga wanda aka binne a ƙura. Baba ya yi aikin katako har tsufa, ya rasu da huhunsa garau. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Ɗan mai askin bakin titi, da Malam ya tura kwalejin nan a bayanka ya koyi fasa dutse, bara aka dawo da shi a kwance, bai yi wata biyu ba. Uwarsa har yau in ta hango Malam sai ta sauya hanya.

Malam yana nan. Kullum da hantsi 'yarsa takan fito masa da kujerar roba ƙofar gida. Idonsa ya kusa tafiya, sai an matso yake gane mutum. Yara suna wucewa yana tambayarsu ajinsu nawa. Nakan gaishe shi don kunya, amma ban taɓa tsayawa ba.

Ka rubuto min gaskiyar jikinka. Ka kuma faɗa min me kake so in yi da takardar nan.

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da jinkiri, kwanciya aka ba ni a asibiti, zazzaɓi ya sauka a ƙirjin. An sallame ni, ina gida. Gaskiyar jiki ita ce wadda aka faɗa miki. Na ɓoye ne don na san za ki rufe shago ki taso, kuma babu abin da zuwan zai sauya.

Amma Yaya, kin karanta wasiƙar a karkace. Wallahi godiya nake nufi. Da na sake dubawa da idonki sai na ga yadda kowane layi zai iya juyewa. Laifina ne. Na rubuta manyan kalmomi marasa komai a ciki, irin waɗanda kowa zai iya zuba musu abin da ya ga dama. Matata ta ce, "Ai ba ka faɗa masa abin da ya yi ba, ka dai ce ya yi." Ta yi gaskiya. In za a gode wa malami, sai a tuna masa rana guda da abu guda, a ce ga abin da ka yi, ga abin da ya zama a hannuna. In ba haka ba, addu'ar bakin ƙofa ce kawai.

Bari in faɗa miki ranar. Malam ya shigo aji da baho da curin yumɓu da bokitin ruwa. Ya gina ɗan tudu a tsakiyar bahon. Ya zuba ruwa kaɗan, ya ce in zo in zagaye tudun da ƙusa daidai inda ruwan ya tsaya. Ya ƙara ruwa, na sake zagayewa. Haka har ruwa ya rufe ƙololuwa. Sai ya kwashe ruwan, ya ce in hau benci in leƙo daga sama. Yaya, sai ga layukan nan masu zagaye da muke gani a taswira ba mu san ma'anarsu ba. Inda suka matsu, gangare ne mai tsayi. Inda suka buɗe, shimfiɗa ce. Na sauko daga bencin nan ba yadda na hau ba. Daga ranar na fara ganin ƙasa kamar abin da ake iya karantawa. Bayan an tashi, shi da ni muka auna filin makaranta da igiya da dogon tiyo mai ruwa a ciki, don ruwa ba ya ƙarya wajen nuna daidaito.

Ba ki taɓa ganin aikina ba, shi ya sa kike ganin rami ne kawai. A ƙarƙashin ƙasa babu gabas babu yamma. Masu haƙa ba su san inda suka dosa ba sai na faɗa musu. Ina kafa na'ura mai ƙafa uku, in auna daga ƙusar da na buga a rufin rami zuwa ta gaba, in rataya zare mai nauyi, in shafa musu fenti a fuskar dutse in ce nan za ku bi. Akwai shekarar da aka haƙo ramuka biyu daga ɓangarori biyu na dutse, ana son su haɗu a tsakiya don iska ta ratsa. Lissafina kaɗai ke riƙe da su. Ranar da aka fasa bangon ƙarshe, hasken fitilar ɗaya ɓangaren ya faɗo a kan takalmina. Saɓanin bai kai faɗin tafin hannu ba. Manyan mutane suka rungume ni suna ihu. Wannan ranar Malam ne ya ba ni ita.

Ƙurar kuwa ba shi ya ba ni ba. Doka ta ce a huda dutse da ruwa don ƙura ta kwanta. In famfo ya lalace sai a ce a ci gaba a bushe, aiki ba ya jira. Doka ta ce bayan an fasa a bar fanka ta kwashe hayaƙi da ƙura kafin kowa ya shiga. Ni ne farkon shiga don in auna yawan dutsen da aka ci, kuma sau da yawa an hanzarta ni, ni ma ban ƙi ba. Abin rufe hanci yana sa gilashin na'ura ya yi gumi, sai in zame shi wuya. Malam bai taɓa taka ramin nan ba. Abin da ya sani shi ne yaro yana son awo, ya nuna masa inda ake koyarwa.

Kuma ki daina cewa Baba ya so ni da katako saboda hannuna. Kin manta kujerar da na haɗa, da kawu ya zauna ta baje da shi? Baba mai taya shi yake nema, Allah Ya jiƙansa.

Ki yaga ta farkon. Ga wata na sa a ciki, da labarin bahon da na ramukan. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki faɗa masa ba ni da lafiya. Tsoho ne, ban ga amfanin ɗora masa ba.

Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na gode wa Allah da aka sallame ka. Mu muna nan. Ban san ta inda zan fara ba, don haka zan faɗa yadda ya faru.

Takardarka ta zo a makare. Na riga na kai ta farkon.

Da na ji shiru na kira matarka, ta ce kana asibiti, an sa maka iska, ba ka iya magana. Na ajiye wayar. Ina cikin ɗinka wa wata mata riga, na bar allura a tsakiyar wuya, na ɗauki ambulan ɗin na fita. Na same shi a kujerarsa. Na ce ni ce babbar 'yar kafinta. Fuskarsa ta washe, ya ce, "Yayar mai awo! Ina yaron nan? Ya zama babban mutum ko?" Na ce ya aiko da saƙo. Ya ce idonsa ba ya gani, in karanta masa.

Kafin in karanta sai na ce, "Malam, bari ka san inda yake tukuna." Na faɗa masa komai, ƙurar, tabon, robar hanci, gadon asibiti. Na haɗa masa da ɗan mai aski. Sannan na karanta. Ban ƙara kalma ko ɗaya ba, ban rage ba, amma ka san muryata in raina ya ɓaci. Na ja "inda nake yau" yadda nake jin ta. Da na zo kan "daidai da abin da ka yi min" sai na tsaya na dube shi.

Hannunsa yana ta shafa gwiwa. Can ya ce, "Ya iya rubutu. Ko zagi zai yi sai ya yi da ladabi." Ya ce, "Ki ce masa ya yi gaskiya. Ki ce masa na karɓa." Ya miƙo hannu na ba shi takardar, ya ninke ya sa a aljihu, ya kira 'yarsa ta shigar da shi.

Na dawo shago ina jin kamar na sauke kaya. Ba zan ɓoye maka ba, ranar na ji daɗi.

Tun ranar ba a sake fito da kujerar ba. Da taka ta biyu ta iso, na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ban san labarin bahon ba. Ban san komai game da ramukan nan biyu ba. Ka yi shekaru kana zuwa hutu, ban taɓa tambayarka me kake yi a can ba, sai dai ko an biya ku.

Na je gidan da sabuwar. 'Yarsa ta tare ƙofa. Ta ce, "Baiwar Allah, me kuma ya rage?" Na ce wata takarda ce, ta gyara. Ta ce tun ranar da na zo ba ya cin abin kirki. Ta ce ya sa ta zauna ya yi ta lissafo mata sunayen yaran da ya rubuta wa takardar shaida zuwa kwalejin nan, yana tambayar wa ke raye wa ya mutu, ita kuma ba ta sani ba. Ta ce, "Mutumin da bai tara komai ba sai ɗalibansa, kin zo kin karɓe su a tsaye." Ta rufe ƙofa. Ban ga laifinta ba.

Ka ce kada in faɗa masa, na riga na faɗa. Ka ce godiya ce, na mayar da ita abin da na ga dama. Ban san yadda ake warware wannan ɗinkin ba. Ka faɗa min.

Yayarka

Yaya,

Salam. Matata ce ke rubutawa, ni ina faɗa, don an dawo da ni asibiti kuma hannuna da allurar ruwa. In kin ga magana a gutsure, numfashi ne.

Na yi fushi da ke kwana biyu. Ya wuce. Ba ni da iskar da zan kashe a fushi. Ni na ba ki wuƙa na ce cokali ce.

Ta biyun ma kada ki kai. Yanzu ya san ba ni da lafiya, in ya ji wasiƙar da ba ta ambaci ciwon ba zai ce lallashi ne. Kuskurena tun farko shi ne na so in gode masa in kuma ɓoye masa rabin labarin. Ga ta uku. Ki ba 'yarsa ta fara karantawa ita kaɗai, in ta yarda sai ki shiga. Ke za ki karanta masa, ba ita ba. Daga bakin da ya ji waccan nake so ya ji wannan.

"Malam, ni ne ɗan autan kafinta. Wasiƙar da aka karanta maka tawa ce, amma ban iya rubuta ta ba, sai ta faɗi abin da ban nufa ba. Gaskiya ne huhuna ya lalace, kuma a wurin aiki ya lalace. Na san waɗanda suka ce a huda dutse babu ruwa, na san kuma sau nawa na cire abin rufe hanci da hannuna. Ba ka cikinsu.

"Abin da ka yi shi ne wannan. Ka shigo da baho da yumɓu, ka ba ni ƙusa, ka sa na hau benci. Ka tsaya da ni bayan an tashi muka auna fili da tiyo. Ka koya min in rufe awo, in dawo inda na fara in ga ko lissafi ya haɗu, in bai haɗu ba in sake, kada in gyara lamba. Ban taɓa gyara lamba ba, Malam. Na haɗa ramuka biyu a cikin dutse da wannan. Mutane da yawa sun shaƙi iska mai kyau ta hanyar da na auna. Na koya wa matasa huɗu aikin, kuma da baho nake fara musu.

"Da za a mayar da ni kan bencin nan, na san abin da na sani yau, zan sake leƙawa. Zan dai sa abin rufe hancina. Na gode. Ba sai ka ba da amsa ba."

Shi ke nan. Ki karanta a hankali, kada ki yi kuka a tsakiya, in kin yi zai ɗauka wani abin ne kuma.

Auta

(Yaya, ni ce. Ya ɗauki yini guda yana faɗar wannan. Likita ya ce a sanar da 'yan uwa. Ya hana ni faɗa miki, amma na gaji da ɓoyo.)

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ka sauƙi, ƙanina. Ina haɗa kayan mutane in mayar musu, ina gamawa zan taso. Na ba direban motar safe wannan don ta riga ni.

Na yi yadda ka ce. 'Yarsa ta karanta a bakin ƙofa, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta matsa gefe. Ɗakinsa ƙarami ne, gado da rediyo da kwalayen littattafai da ba ya iya karantawa. Ya rame. Da ya ji muryata sai ya juya fuska bango, ya ce, "Akwai saura?" Na ce, "Akwai, Malam. Waccan ni na ɓata ta. Wannan ka saurara."

Na karanta a hankali. Ban yi kuka ba sai da na kai ƙarshe. Da na zo wurin baho ya juyo. Da na zo wurin rufe awo sai na ga leɓensa yana motsi tare da ni. Da na gama ya ce in maimaita wurin ramukan. Ya ce, "Da nawa suka saɓa?" Na ce ka ce bai kai faɗin tafin hannu ba. Ya ɗaga tafinsa kusa da idonsa yana kallo, ya ce, "A cikin dutse. Ba ya ganin ɗaya ɓangaren." Sai ya yi wata 'yar dariya.

Amma kada in yi maka ƙarya, bai warware duka ba. Ya ce in rubuta maka wannan, kuma ga shi yadda ya faɗa:

"Yarona, na ji, na kuma gode. Bahon na matata ne, ta yi kwana biyu ba ta yi min magana ba. Ka ce ba na cikin masu laifi. Na yarda ban huda dutse ba. Amma na tura yara wurin da ban taɓa zuwa na gani ba. Na san sunan kwas, na san makin shiga, ban san abin da ake shaƙa ba, kuma ban tambaya ba. Wannan nawa ne, ka bar min shi. Naka kuma da ka ba ni, na riƙe. Ban taɓa samun ɗalibin da ya leƙo daga bencin nan ya yi shiru irin naka ba."

Ya sha shayi kafin in fito, 'yarsa ta ce rabonsa da ya nemi wani abu da kansa tun ranar. Ka jira ni.

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ni ce matar ƙaninki. Ina fatan kin isa gida lafiya, kuma ƙafar da ta kumbura a mota ta sabe. Yara suna gaishe ki. Muna nan yadda kika bar mu. Jiya kamfani suka aiko aka ɗauke na'urar iska, ɗakin ya yi shiru da yawa.

Takardar da kika ba direba sai yau ta iso. Ya manta ta a aljihun mota, ya kawo yana ta ba da haƙuri, bai san ƙaninki ya rasu ba. Kin ce min da kika iso kin faɗa masa a kunne cewa Malam ya ji. Ni ina wurin, Yaya, kuma ban sani ba ko yana ji a lokacin. Na buɗe na karanta ni kaɗai a kicin.

Kin tambaye ni ko ki ce wa Malam amsarsa ta same shi. Na yi ta tunani. Ni dai da za a bi tawa, kada ki ce. Ƙaninki bai so a gyara magana don ta yi daɗi ba. Amma ke ce a kusa, ke kike ganin tsohon.

Ƙanwarki

Zuwa ga ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na iso lafiya, ƙafa ta yi sauƙi. Ki shafa min kan yara. In hutu ya zo ki turo min su, akwai wuri.

Na je. Tun daga ƙofa Malam ya ji takuna ya ce, "Ya samu?" Na tsaya da ƙaryar a bakina, a shirye take tsaf. Sai na ce, "Bai samu ba, Malam. Ya rasu kafin ta isa." Ya ce innalillahi, ya daɗe yana maimaitawa. 'Yarsa ta harare ni, na ɗauka za ta sake korata. Sai ya ce, "To shi ya gama nasa. Tawa ce ta makara." Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro takardar Auta, ta ukun, ya ce in karanta.

Yanzu duk ranar da ba na buɗe shago nakan je. 'Yarsa tana iya karanta masa, amma ya ce ni yake so. Ba a sake fito da kujerar ƙofar gida ba, kuma ba na jin za a sake. Wani lokaci yakan tsayar da ni ya tambayi wani yaro da ya koyar, ko na san inda yake. Yawanci ban sani ba.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Har yanzu in na dube shi sai in ga mutumin da ya zauna a tsakar gidanmu ya ɗauke min ƙane. Zuciyata ba ta sake shi ba, ban san ko za ta sake ba. Amma in na buɗe takardar nakan ajiye nawa a gefe, in karanta masa yadda Auta ya faɗa, har zuwa "na gode".

Yayarku